Sakin Ingila, Auren Kano: Yadda Gida Ke Karɓar Aure da Sakin Ƙasar Waje

Idan bazawara ta dawo daga Ingila ta ce aurenta ya mutu a can, kuma ga takardar kotu a hannunta, dangi kan rabu gida biyu. Wasu su ce ai magana ta ƙare, takardar Bature ba ta ƙarya, a sa ranar ɗaurin aure kawai. Wasu kuma su ce alƙalin da ba Musulmi ba ba shi da hurumin kwance abin da liman ya ɗaura, saboda haka takardar ba ta da wani amfani. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, ya saki rabi. Wahalar kuwa a kan matar take sauka, wani lokaci a kan 'ya'yan da za ta haifa a gidan gaba.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna fara tambaya da inda aka yi abin, Landan ko Jidda ko Yamai. Lauya da alƙali ba daga nan suke farawa ba. Tambayarsu ta farko ita ce: wane irin aure ne? A Najeriya aure iri uku ne a idon doka. Akwai auren rajista, wanda mutane ke kira auren kotu, akwai auren Musulunci, akwai kuma na al'ada. Kowanne da kotun da ke da ikon taɓa shi. Auren rajista na mace ɗaya ne da namiji ɗaya, kuma Babbar Kotun Jiha ko ta Abuja ce kaɗai ke raba shi, a ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970. Ita wannan doka ta faɗa da bakinta cewa ba ruwanta da auren da aka ɗaura bisa tsarin Musulunci ko na al'ada. Auren Musulunci kuwa na kotunan Shari'a ne, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin duba ingancinsa da mutuwarsa.

Mutanenmu da ke zaune a Turai da Amurka, yawancinsu aure biyu suke da shi da mutum ɗaya ba tare da sun lura ba. Sun ɗaura a masallaci don Allah, sun kuma je ofishin rajista don biza ko takardar zama. Da abin ya lalace, sai a kwance ɗaya a bar ɗaya a ɗaure.

Auren da aka ɗaura a waje

Ƙa'idar da kotunan Najeriya ke bi a kan siffar ɗaurin aure tsohuwa ce: dokar wurin da aka ɗaura ita ke faɗin ko an ɗaura daidai. Idan ma'aurata sun tsaya gaban magatakardan aure a wata ƙaramar hukuma ta Landan, da shaidu biyu, aka ba su takarda, to a Kano ma mata da miji ne. Ba sai sun sake ɗaurawa a Ikoyi ko a wata ƙaramar hukuma ta gida ba. Haka kuma Dokar Aure ta ba manyan jami'an ofisoshin jakadancin Najeriya damar ɗaura aure a ofishinsu idan ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan Najeriya ne, kuma wannan aure daidai yake da wanda aka yi a gida.

Sai dai auren yana zuwa gida da halinsa. Dokar Fassara ta Najeriya ta ce auren mace ɗaya shi ne wanda dokar wurin da aka ɗaura shi ta ɗauke shi a matsayin haɗuwar namiji ɗaya da mace ɗaya, ban da kowa, muddin auren yana nan. Auren rajistar Ingila irin wannan ne. Wanda ya sa hannu a kai yana tunanin takardar biza ce kawai, ya sa hannu ne a kan auren da bai yarda da kishiya ba. In ya dawo Kano ya ƙara ta biyu, malamai za su ce auren ya ɗauru tunda rukunansa sun cika, amma ya buɗe ƙofar rigima. Ranar da ya mutu, lauyan uwargida na iya miƙewa a Babbar Kotu ya ce amarya ba mata ba ce a doka, don haka ba ta da rabo. Ko da a ƙarshe amarya ta yi nasara, tumunin takaba da ya kamata a raba cikin wata guda ya kwana shekaru a kotu. Kotun Ƙoli ta taɓa duba makamanciyar wannan magana a 1996, a shari'ar gadon Festus Okotie-Eboh, tsohon ministan kuɗi na jamhuriya ta farko, wanda ya yi auren al'ada sannan daga baya ya yi na rajista da matar tasa. Wannan shari'a ba ta Musulmi ba ce, amma lauyoyi na ɗaukota duk lokacin da aure biyu suka hau kan juna.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi cutar da mata. An ɗaura aure a wani falo ko ɗakin taro a Ingila, da waliyyi da shaidu da sadaki, ba a je rajista ba. A dokar Ingila wannan ba aure ba ne. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta can ta tabbatar da haka a 2020, a shari'ar Akhter da Khan, waɗanda aka ɗaura musu aure a wani gidan cin abinci a Landan a 1998, suka yi shekaru tare har da 'ya'ya. Kotun ta ce matar ba ta da damar neman rabon dukiya irin na matar aure. Idan irin wannan mata ta dawo gida, alƙalin kotun Shari'a rukunai zai duba: waliyyi, shaidu biyu adalai, sadaki, da siga. In sun cika, aure ne a wurinsa. Amma shaidun suna Ingila, limamin ƙila ya koma ƙasarsu, takardar masallacin kuma ba hatimin hukuma a kanta. Aure ne mai inganci wanda tabbatar da shi ke da wuya, musamman in mijin ya mutu ko ya musa.

Aure ɗaya ne babu gardama a kansa: na jinsi ɗaya. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta ce takardar irin wannan aure daga kowace ƙasa ba ta da aiki a Najeriya.

Mu bi wata shari'a daki-daki

Mu ƙaddara wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kano ta tafi Landan aiki a 2015. A 2016 aka ɗaura mata aure da wani ɗan Zariya a wani masallaci a can, kawunta da ke zaune a garin ya tsaya a matsayin wakilin mahaifinta. A 2017 suka je rajista saboda takardun mijin. Zama ya ƙi daɗi. A watan Mayun 2023 ta shigar da buƙatar saki a kotun iyali ta Ingila, ita kaɗai.

Tun daga 6 ga Afrilun 2022 dokar Ingila ba ta neman a faɗi laifin kowa. Mai nema ya ce auren ya lalace ba gyara, shi ke nan, ɗayan kuma ba shi da damar cewa bai yarda ba. Amma akwai jira. Sai an yi mako 20 kafin a nemi hukuncin farko, wanda na wucin gadi ne. Bayan an ba da shi, sai an ƙara mako 6 da kwana ɗaya kafin a nemi na ƙarshe. Mu ce ta sami na farkon a Nuwamba, na ƙarshen a Janairun 2024.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Takardun biyu kama suke da juna, duka da tambarin kotu da lambar shari'a da sunayen ma'aurata, kuma yanzu ta intanet ake sauke su. Wadda aka rubuta Conditional Order a samanta ba ta kashe aure ba, sanarwa ce cewa kotu ba ta ga abin da zai hana ba. Wadda aka rubuta Final Order ita ce sakin. A tsofaffin takardu, na farkon shi ne Decree Nisi, na ƙarshen Decree Absolute. Waliyyin da aka miƙa wa takarda ya duba saman shafin kafin ya karɓi sadakin kowa. Mace na iya riƙe ta farkon shekara da shekaru tana zaton ta fita, alhali ba wanda ya nemi ta ƙarshen.

To, ta sami ta ƙarshen, ta dawo Kano, manemi ya fito. Najeriya za ta yarda cewa auren rajistar ya mutu?

Amsar tana sashe na 81 na dokar 1970. Abin da sashen ke tambaya shi ne: ranar da aka shigar da ƙarar, shin wanda ya shigar da ita yana da mazaunin dindindin a ƙasar da ta yi sakin? Mazaunin dindindin a doka ya wuce wurin kwana da wurin aiki. Ƙasa ce da mutum ya zauna a cikinta da niyyar ya tare ke nan, ba shi da ranar tashi. Kowa ana haifarsa da na mahaifinsa, kuma wannan na asali yana da naci: ba ya barin mutum sai an nuna a fili cewa ya sauya gida da zuciya ɗaya. Mutum na iya shekara 15 a Landan, amma yana gini a Rijiyar Zaki, yana gaya wa kowa cewa da ya yi ritaya zai koma. A idon doka har yanzu gidansa Najeriya ne.

Kotun Ingila kuwa ba lallai ta nemi wannan ba. Ya ishe ta ta ga cewa a can ma'auratan suke zaune yau da kullum. Daga nan giɓin ke fitowa: saki ya inganta a Landan, amma a gida ana iya ƙalubalantarsa.

Ita ma'aikaciyar jinyar tamu ta tsira, domin sashen ya yi wa mata sassauci. Matar da ta zauna a ƙasar waje shekara 3 a jere kafin ranar shigar da ƙara, ana ɗaukar ta a matsayin mai mazaunin dindindin a can. Ita ta yi 8. Haka ma matar da miji ya gudu ya bari, in dai can ne mazauninta kafin auren ko kafin ya gudu. An yi wannan sassauci ne saboda tsohuwar ƙa'idar da Najeriya ta gada daga Ingila, wadda ke cewa mazaunin mace na bin na mijinta. Ba don sassaucin ba, da mace ba ta da inda za ta kai kuka sai ƙasar da mijin ya zaɓa.

Yanzu mu juya labarin. A ce mijin ne ya shigar da ƙarar, kuma ɗalibi ne da ya shekara biyu a can da bizar karatu, gwamnatin jiharsu ke biya masa, akwai aikin da ke jiransa a jami'a. Wannan ba wanda zai ce ya tare a Ingila. Ƙofar farko ta rufe masa. Sashen ya bar wasu ƙofofi: in ƙasar da ma'auratan ke da mazaunin dindindin a cikinta za ta amince da sakin, Najeriya ma za ta amince; kuma tsofaffin ƙa'idojin da alƙalai suka gina suna nan da ransu. A cikinsu akwai wadda ta fito daga shari'ar Indyka ta 1967 a Ingila, cewa ya isa a nuna alaƙa ta gaske mai ƙarfi tsakanin mai neman sakin da ƙasar da ta yi shi. Lauyan ɗalibin nan da ita zai kafa hujja. Ko zai ci, ya danganta da abin da ya iya nunawa da kuma yadda alƙali ya auna. Wanda ke cikin irin wannan hali bai kamata ya sake auren rajista a kan zato ba, domin dokar ta ce auren wanda ke da wani auren a kansa ɓatacce ne tun daga tushe.

Akwai wani hali da ni a ganina ya fi kowanne muni, kuma yana faruwa. Miji ya ce wa matarsa ta je gida ta ga iyaye ta huta, ya saya mata tikiti ita da yara. Tana Kano bizarta ta ƙare. Shi kuma ya shiga kotu a can, ya ba da adireshin da ya san ba ta nan, ko ya rantse bai san inda take ba, alhali kullum suna waya. Ba ta ji ba ba ta gani ba, sai dai wata rana a turo mata hoton takarda. Doka ba ta bar wannan mata haka ba. Sashe na 81 ya ce ba za a amince da sakin waje ba idan an hana ɗaya daga cikin ma'auratan haƙƙinsa na a sanar da shi a kuma saurare shi. Hukuncin da aka samo ta hanyar yaudarar kotu shi ma ba ya tsayawa. Abin da za ta adana shi ne duk wata shaida da ke nuna ya san inda take a lokacin: saƙonnin waya, rasit na kuɗin da ya turo, tikitin jirgin, hatimin shigowa da ke fasfonta. Kada ta goge saƙonnin don fushi.

Igiyar da ta rage

Mun gama da auren rajista. Saura na masallaci, kuma a Kano shi ne wanda liman zai tambaya ranar ɗaurin aure: wa ya sake ta, yaushe, ta gama idda?

Da mijin ne ya nemi sakin a kotu, ya rubuta ya sa hannu da niyyar rabuwa, da sauƙi. A mazhabar Malikiyya rubutu da niyya saki ne, kuma malamai da dama na ɗaukar irin wannan a matsayin sakin miji. Ko a nan ma ya fi kyau a tambaye shi abin da ya nufa, da ranar da ya nufa, da kuma saki nawa. Amma a labarinmu ita ce ta nema, shi bai furta komai ba, ƙila ma yana cewa har gobe matarsa ce. Malamai sun saɓa a kan wannan. Majalisar Fatawa ta Turai ta tafi a kan cewa wanda ya yi aure a ƙarƙashin dokar wata ƙasa ya yarda da hukuncin alƙalinta, don haka sakin ya hau kansa. Wasu malaman da yawa, har da na gida, sun ce igiya tana hannun miji, ba mai kwance ta ba da yardarsa ba sai alƙali Musulmi ko jama'ar Musulmi da ke tsaya wa a madadinsa.

Ba aikina ba ne in raba wannan gardama. Abin da zan ce shi ne kada mace ta ɗora sabon aurenta a kan mas'alar da ake saɓani a kanta alhali akwai hanyar fita daga saɓanin. Hanyar farko ita ce a nemi mijin ya rubuta takardar saki da kwanan wata da shaidu biyu. Sau da yawa in manya suka sa baki yana yi. In ya ƙi, sai hul'i, ta mayar da sadaki ko abin da suka daidaita. In ya ƙi wannan ma, tana iya zuwa ɗaya daga cikin majalisun Shari'a na Ingila tun tana can, irin wadda aka kafa a Landan a 1982, ko kuma ta shigar da ƙara a kotun Shari'a a gida. Alƙali zai sa a isar wa mijin sammaci, ta hannun danginsa ko ta wata hanyar da kotu ta yarda da ita, a ba shi lokaci. In cutarwa ta tabbata, ko rashin ciyarwa, ko ƙaurace wa shimfiɗa, alƙali na da ikon raba auren. Takardar Ingila a nan tana da amfani a matsayin shaida cewa zama ya ƙare tuntuni.

Lissafin idda shi ne inda za a yi hattara sosai. A wurin masu cewa sakin kotun Ingila bai wadatar ba, idda ba ta fara a Janairun 2024 ba. Tana farawa ne ranar da mijin ya furta ko alƙalin Shari'a ya yanke. In an raba auren a Kano a watan Yuni, daga Yuni za ta ƙirga tsarki uku, ko wata uku in ba ta haila, ko zuwa haihuwa in tana da ciki. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu, domin a Malikiyya wanda ya auri mace a cikin idda har ya tare da ita, za a raba su kuma ta haramta gare shi har abada. Gaggawar wata biyu na iya rushe gidan da aka gina da kyakkyawar niyya.

Kishiyar wannan ita ce ta fi yawa a tsakanin maza. Miji ya rubuta "na sake ki" ta waya, ta yi idda, kowa ya kama gabansa, an manta da rajista. A addini sun rabu. A dokar Ingila ba su rabu ba, domin dokar iyali ta 1986 ta ce duk sakin da aka yi a cikin ƙasar ba ya aiki sai kotu ce ta yi shi. A Najeriya ma auren rajistar yana nan, kuma kotun Shari'a ba ta da ikon taɓa shi komai girman alƙalinta. Ranar da matar ta nemi biza da sunan sabon miji, ko tsohon mijin ya so ya kai amaryarsa Ingila, a ranar tsohon auren zai taso. Maganinsa shi ne a raba shi a kotun Ingila, ko a Babbar Kotu a gida in mai ƙarar yana da mazaunin dindindin a Najeriya. A gida dole a kawo dalilin da doka ta lissafa, kamar rabuwar shekara 2 in ɗayan bai ƙi ba, ko shekara 3 ko ya ƙi, sannan hukuncin farko sai ya yi wata 3 kafin ya zama na ƙarshe.

Takardar kanta

Babu wani ofishi a Abuja da ake kai sakin ƙasar waje a yi masa rajista ya zama na gida. Maganar amincewa tana tasowa ne ranar da aka buƙace ta: wurin sabon aure, wurin rabon gado, wurin fansho, wurin biza. Wanda ke tsoron gardama a gaba yana iya zuwa Babbar Kotu ya nemi ta bayyana matsayinsa tun kowa yana raye, kuma ga wanda sakinsa ke da rauni irin na ɗalibin nan, kuɗin lauyan bai kai asarar da yake karewa ba.

Hoton takarda a waya ba shaida ba ce da za a dogara da ita. Ana buƙatar kwafin da kotun da ta yi hukuncin ta tabbatar. Ƙasashe da yawa sun shiga yarjejeniyar Heg ta 1961, inda tambari ɗaya da ake kira afostil ke wadatarwa a tsakaninsu. Najeriya ba ta cikinsu, saboda haka hanyarmu ta fi tsawo: ma'aikatar harkokin wajen ƙasar da ta ba da takardar ta buga hatiminta, sannan ofishin jakadancin Najeriya da ke can ya buga nasa. Wasu hukumomin gida kan ƙara neman hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja. Duk wannan ya fi sauƙi tun mutum bai hau jirgi ba. Takardar Larabci daga Saudiyya ko Sudan, da ta Faransanci daga Nijar ko Kamaru, sai an haɗa ta da fassarar da aka rantse a kanta. A duba rubutun suna da kyau. In fasfo ya ce Aishatu, takardar aure ta ce Aisha, ta saki kuma ta zo da sunan miji a ƙarshe, sai an yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ce, kuma gara a yi ta kafin wani ya tambaya.

Dokar wata ƙasa, a gaban alƙalin Najeriya, abu ce da ake kawo shaida a kanta kamar kowace magana. Ba a ɗauka cewa ya san ta ba. In gardama ta kai ga ko auren ya inganta a dokar Masar ko ta Amurka, sai an kawo masanin wannan doka ya yi bayani, kuma a Amurka kowace jiha da tata.

Ga waɗanda aurensu na maƙwabta ne, abin ya fi sauƙi ta fuskar addini, tunda mazhaba ɗaya ce kuma shaidu ba su da nisa. Sakin da miji ya yi a Maraɗi ko Damagaram, alƙalin Katsina zai auna shi da ma'aunin da ya saba. Duk da haka a karanta takardar. A Kamaru, takardar aure ta hukuma tana nuna zaɓin da ma'aurata suka yi ranar ɗaurawa, na mace ɗaya ko na fiye da ɗaya, kuma wanda ya zaɓi na farkon ya ɗaure kansa kamar mai rajistar Landan. A Gana akwai tsohuwar dokar rajistar auren Musulmi wadda ta ba da mako guda a yi rajista bayan ɗaurin aure, kuma mutanen zango da yawa ba su taɓa yi ba.

Amincewa da saki kuma ba ta nufin duk abin da kotun waje ta faɗa zai gudana a gida. Kotun Landan na iya umartar miji ya ba matar gidan da ke Kano, amma ba ta da ikon sauya suna a takardar fili a Najeriya. Sai an bi ta kotun gida. Haka riƙon yara. In yaran suna nan, alƙalin gida zai duba hukuncin waje ya ba shi nauyinsa, amma maslahar yaran a yau ita zai bi. A kotun Shari'a zai fara ne daga ƙa'idar Malikiyya, wadda ta bar wa uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, in ba wani dalili ya hana ba. Sabon auren uwar yana cikin dalilan da kan mayar da riƙon ga kakar yaran ta wajen uwa, don haka ma'aikaciyar jinyar tamu, in tana da yara, gara ta zauna da mahaifiyarta da lauyanta a kan wannan kafin a sa rana.